Kuɗin duwan sun fi abin da na lissafa: yaya ake yanke su ne?

Ɗan_Katako:
Salamu alaikum jama'a. Masu shigo da kaya ku taimaka min da haske don Allah. Na yi odar fankoki masu caji daga Caina, irin wanda ke zuwa da ƙaramin farantin sola da fitila a kwali ɗaya, kayan sun biyo ta Lome sun iso Yamai. Faktir ɗina miliyan 6 ne. Ni a lissafina tunda kayan sola ne duwan ba zai yi tsada ba, sai ga taransiter mai fitar min da kaya a duwan ya kira ni wai in tanadi sama da miliyan 4, wai an ƙi yarda da kuɗin da ke kan faktir kuma ba a layin sola aka sa kayan ba. Maƙwabcina a kasuwa ya kawo bokitan roba daga Abijan cikin wata ɗaya da ni, shi ko kusan rabin nawa bai biya ba. To wai akwai ƙa'ida ne ko kallon mutum ake a yanke mishi?

Hajiya_Wadata:
Wa alaikumus salam. Allah ya fidda kai lafiya, mu ma mun sha wannan da atamfa

Mai_Deklarasiyo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Aikina ke nan kullum, kuma akwai ƙa'ida, ba kallon fuska ba ne. Abu uku ake tambaya kan kowane kaya: mene ne shi, ina aka ƙera shi, nawa ya tsaya maka har ya iso. Na farko shi ke ba da kashi nawa cikin ɗari za a ɗauka, na biyu shi ke cewa za a ɗauka ɗin ko za a yafe, na uku shi ne kuɗin da ake bugawa a kai. Kai abubuwa biyu suka same ka lokaci guda, layin kaya da ƙima, shi kuma maƙwabcinka asalin kaya ne ya taimake shi.

Bari in fara da lissafi don ka ga inda miliyoyin suka fito. Ba a kan faktir kaɗai ake bugawa ba, ana haɗa kuɗin kaya da kuɗin jirgi da asiransi, shi ne za ka ga an rubuta CAF a takarda. Mu ce jirgi ya ci maka jika 900, asiransi jika 100, ka ga an koma miliyan 7. Fanka kayan amfani ne da aka gama ƙerawa, kashi 20, wato miliyan 1 da jika 400. Sai RS, wato harajin ƙididdiga, kashi 1, jika 70. Sai na UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu sefa, kashi 0,8, jika 56, da rabin kashi ɗaya na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, jika 35. Sannan TVA kashi 19, kuma ita ba kan miliyan 7 take hawa ba, sai an ɗora kuɗin duwan da RS a sama tukuna, miliyan 8 da jika 470, ta ba da miliyan 1 da jika 609. Ka tara, miliyan 3 da jika 170 ke nan tun kafin a yi zancen ladan taransiter da magaza.

Ɗan_Katako:
To ai shi sama da miliyan 4 ya ce min

Mai_Deklarasiyo:
Nan ne ƙin yarda da faktir ya shigo. In suka ɗaga ƙimar daga miliyan 7 zuwa 9, komai sai ya tashi tare, duwan ya zama miliyan 1 da jika 800, TVA ta haura miliyan 2, jimilla miliyan 4 da jika 76. Ƙarin miliyan 2 a ƙima ya jawo maka ƙarin jika 900 da wani abu a aljihu. Ka tambayi taransiter ɗinka ya nuna maka takardar da SYDONIA, na'urar lissafin duwan, ta fitar, ka ga da idonka ƙimar da aka sa da lambar kaya, kada ka tsaya ga maganar baki.

Bakonne_77:
Ni dai abin da na sani in kayanka sunka biyo ta Togo ko Kwaddibuwa ai ƙasashen sefa ne, babu duwan tsakaninmu. Da ka saye su kasuwar Lome maimakon ka yi oda kai tsaye da ba ka biya wanga kuɗi duka ba

Mai_Deklarasiyo:
@Bakonne_77 rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma shi ke sa mutane asara. Inda ka sayi kaya daban, inda aka ƙera shi daban. Fankar Caina ko ta shekara a Lome ta Caina ce. Abin da aka yafe wa kuɗin duwan shi ne kayan da asalinsu na cikin ƙasashe 8 na UEMOA ne, kuma kayan masana'anta sai sun zo da takardar shaidar asali, kamfanin ma sai an riga an amince da shi da wannan kayan. Bokitan maƙwabcin Alhaji in a Abijan aka narka robar aka zuba su, kuma yana da takardar, to kashi 20 ɗin nan bai hau kansa ba, amma TVA ya biya ta, ita ba ruwanta da asali.

Bakonne_77:
To in ɗan Togo ya shigo da su ya sake musu kwali ya buga sunanshi fa?

Malama_Lissafi:
Canza kwali ko liƙa suna ba ya ba kaya asali, wannan a rubuce yake. Sai dai in an yi aikin da ya mai da shi wani abu dabam har lambarsa ta canza, ko kuma aikin da aka yi a cikin ƙasar ya ƙara masa daraja aƙalla kashi 30 na kuɗin da ya tsaya wa masana'anta. Misali ka shigo da ƙwayar roba ka fitar da bokiti, ai ƙwaya da bokiti ba lamba ɗaya ba ce. Amma ka shigo da bokiti ka sa masa mariƙi, wannan ba ƙira ba ce.

Ba'adare_Galmi:
Mu masu albasa ba a tambayarmu wagga takarda in mun tahi Abijan ko Wagadugu, mi ya sa ke nan?

Malama_Lissafi:
Saboda amfanin gona da dabbobi da aikin hannu na gargajiya an ɗauke musu takardar asali, albasar Galmi ba mai cewa daga Turai ta zo. Abin da kuke biya a hanya wani zance ne dabam.

Ba'adare_Galmi:
Wallahi kuwa wani zance ne, na hanya shi ka karya mu ba duwan ba. Daga Tawa har a kai can shingaye nawa, ga albasa ba ta jira, kwana ukku cikin zahi ta fara ruɓewa

Ɗan_Katako:
Na gode, na gane na asali. Amma zancen layin sola har yanzu bai shiga kaina ba, farantin sola na cikin kwalin, da idona na gani, don me za a ce fanka kawai?

Mai_Deklarasiyo:
Alhaji mai sayen kayan nan a shagonka me ya zo saye, iska ko wuta? Iska ya zo saye. In abubuwa biyu ko uku suka zo a kwali ɗaya don a sayar da su tare, ba a raba su, ana duba wanda shi ne zuciyar kayan sai dukan kwalin ya bi lambarsa. Fankar tebur da ta tsaye mai ƙaramin moto tana 8414.51, farantin sola shi kaɗai yana 8541.43, batir kuma yana gidan 8507. A kwalinka farantin da batirin da fitilar duk hidimar fanka suke, don haka 8414.51. Lambobi 6 na farko iri ɗaya ne a Caina da Nijar da ko'ina, sauran 4 da ake ƙarawa su cika 10 na yankinmu ne, kuma a gaban lamba mai 10 ɗin ne ake rubuta kashi. Matakai biyar ne tun 2015: 0, 5, 10, 20 da 35. Magani da littattafai suna ƙasa, kayan aiki da ɗanyun kaya suna 5, wanda aka yi rabin aiki 10, na amfani kai tsaye 20, sai 35 na kayan da ake so a kare masu yin su a gida.

Ka duba takardar da mai kaya ya aiko maka, sau da yawa su da kansu sun rubuta lambar a faktir, da ka nuna wa taransiter tun kafin ka tura kuɗi da ka san abin da ke jiranka.

Sarkin_Dabara:
Abu mai sauƙi. Gaba ka ce su kwance fankokin, fuka-fukai kwali dabam, moto dabam, ƙafa dabam, ka shigo da su a matsayin fiyas ka haɗa a nan Yamai. Fiyas ai ba ta kai kashi 20 ba

Mai_Deklarasiyo:
Kada ka yi haka Alhaji. Kayan da aka kawo a kwance amma duk sassansa na nan, ana ɗaukarsa kamar a haɗe yake, ko da ma wani ɗan abu ya rage in dai an ga fanka ce. Mai bincike na buɗe kwantena ya ƙirga moto 500, fuka-fukai 500, ƙafa 500, ya san abin da ake ciki. Sai a maida kai layin fanka kuma a rubuta maka laifin bayanin ƙarya, ga tara a sama. Abin da ya halatta shi ne in da gaske faranti kake saidawa shi kaɗai, manya na ɗorawa kan rufi, ka yi odarsu a matsayinsu, wannan layinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Sarkin_Dabara:
Amma masu haɗa babura ai a kwance suke kawowa kuma suna samun sauƙi, ni na gani

Mai_Deklarasiyo:
Wannan layi ne da aka ware wa masana'antar haɗawa a cikin littafin lambobin kaya na duwan kansa, kuma sai wanda hukuma ta san shi da wannan aiki. Ba kowa ne zai kwance kaya ya shiga ciki ba.

Inna_Mai_Yawur:
Ni ina da shaida kan zancen layi. Ina yin yawur a gida ina ba yara suna kaiwa shaguna, madarar gari nake saye buhu mai kilo 25. Wanda nake saye wurinsa ya ce min buhun nan kashi 5 ne, in an ƙulla ta ƙananan leda ko gwangwani ta koma 10, in kuma yawur ne aka kawo gamamme daga waje 35. Madara ɗaya fa, girman mazubi da aikin da aka yi mata kawai. Mu dai ya yi mana daɗi amma dangina da ke da shanu wajen Abalak kuka suke, nononsu ba ya iya gasa da ta buhu

Malama_Lissafi:
Gaskiya ne Inna, kuma ki duba buhun da kyau. Da yawa daga mai arhar nan an cire mata man shanunta an sa man ja, wannan ma ba a gidan madara 0402 take shiga ba, 1901 ake sa ta, amma ita ma a babban buhu kashi 5 ne. Makiyaya sun daɗe suna neman a ɗaga shi.

Abu_Sadik:
Jama'a ni mota nake so in kawo daga Beljik, Toyota tsohuwa, nawa zan biya?

Hajiya_Wadata:
Abu Sadik buɗe naka zancen dabam mana, mota lissafinta ya danganta da shekarunta da injinta, kada mu ɓatar da na Alhaji. Ni abin da nake so a yi magana a kai shi ne ɗaga ƙimar nan. Mutum ya kawo faktir ɗinsa na gaskiya a ce ba a yarda ba, to mi ye amfanin faktir ɗin? Na taɓa samun ragi mai kyau wurin mai kaya saboda na kwashe ragowar zanen da ya kwana musu, da kaya suka zo aka ce ba a taɓa ganin wannan farashi ba aka buga min na sabon yayi. Raina ya ɓaci ƙwarai don ban yi ƙarya ba ko ta dala.

Tsohon_Ma'aikaci:
Hajiya ina jin zafinki, amma bari in faɗi ɗayan gefen tunda na zauna a kujerar. Doka ta ce a fara da kuɗin da aka biya da gaske, wannan shi ne tushe, kuma ragi na gaskiya ana karɓarsa in an tabbatar. Matsalar ita ce faktir biyu ta yi yawa, ɗaya ta gaskiya a aljihu ɗaya ta duwan, har masu kaya a can su ke tambayarka nawa za su rubuta maka. To ma'aikaci na zaune, jiya fanka irin wannan ta wuce a jika 14 guda, yau an kawo mishi a jika 8, dole ya tambaya. In ya tambaya kin kawo shaida, shi ke nan. In babu, sai ya sauka mataki na gaba: farashin kaya iri ɗaya sak daga ƙasa ɗaya da suka shigo kusan lokaci ɗaya, in babu sai masu kama da su, in babu sai a ɗauki farashin da ake saidawa a kasuwar nan a cire riba da haraji a koma baya. Bi da bi ake yi, ba a tsallake.

Shaidar da ke aiki ita ce takardar banki da ta nuna kuɗin da suka fita da sunan wanda ya karɓa, da takardar jirgi, da jerin kwalaye, da saƙonnin cinikin inda aka yi zancen ragin. Wanda ya ba ɗan canji kuɗi a hannu a kasuwa aka biya mishi a Gwanju, ba shi da abin nunawa ko da gaskiyarsa.

Hajiya_Wadata:
To ai Baba mafi yawanmu haka muke biya, banki jinkiri gare shi ga caji

Tsohon_Ma'aikaci:
Na sani ɗiyata. Sai ki auna cajin banki da jika 900 da Mai Deklarasiyo ya lissafa a sama ki ga wanne ya fi.

Ɗan_Katako:
Ni rabi ta banki na tura, rabi ta hannun wani yaro da ke can. Ke nan takardar bankin miliyan 3 kawai za ta nuna

Mai_Deklarasiyo:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Kada ka kai takardar miliyan 3 ita kaɗai, za ta ƙara rikita abin. Ka nemi mai kaya ya aiko maka da shaidar karɓar kuɗi kashi biyun da tambarin kamfani, ka haɗa da hirarku ta waya inda kuka tsai da farashi. Kana da haƙƙin ka nemi a rubuta maka yadda aka kai ga miliyan 9 ɗin, kuma kana iya ƙalubalanta a rubuce. In abin zai ja lokaci ka tambaya a bar ka ka ajiye jingina daidai da bambancin ka fitar da kayanka, don kowace rana da kwantena ke zaune kuɗin magaza da na kamfanin jirgi na ƙaruwa, ga lokacin zafi shi ne kasuwar fanka, in damina ta sauka ka rasa ciniki.

Wani abu kuma, faktir ɗinka da dala ne ko? Ana juya ta da canjin lokacin da aka shigar da deklarasiyo, ba na ranar da ka biya ba. Yuro ne kaɗai ba ya motsi, kullum yuro ɗaya sefa 655,957 ne. Wani lokaci ɗan bambancin daga nan yake ba daga kowa ba.

Sarkin_Dabara:
Ni har yanzu ina ganin wanda ya san mutane ya fi wanda ya san doka

Malama_Lissafi:
Sanin mutane yana ƙarewa ranar da aka zo binciken baya. Ana iya dawowa kan deklarasiyo bayan kaya sun fita an sayar, kuma sunan mai kaya ne a kai.

Bakonne_77:
To na yarda da zancen Lome. Amma mu nan Konni kayan Najeriya munka hi kawowa ta Illela, taliya, sabulu, robobi. Da can ana cewa kayan kamfanin da CEDEAO ta amince da shi ba ya biyan duwan. Yanzu da munka hita fa? Najeriya ai ba ta cikin sefa

Malama_Lissafi:
Fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma Nijar na nan cikin UEMOA, shi ya sa matakan nan biyar ba su canza ba kuma kayan Abijan da Dakar da Lome masu takarda suna nan yadda suke. Rabin kashi ɗayan da ake karɓa wa CEDEAO ne aka mai da na AES. Ita CEDEAO a nata ɓangaren ta ce a ci gaba da karɓar kayanmu kamar da har sai an gama tattaunawa.

Bakonne_77:
Wannan na kayanmu masu zuwa can ne, ni nasu masu zuwa nan nike tambaya

Mai_Deklarasiyo:
Wannan kam ka je biro da takardar asalin da lambar kayan ka tambaya kafin ka loda mota, kada ka dogara da yadda aka yi wa wani bara. Kuma ka kula da sabulu, yana cikin na kashi 35, in takardar ba ta karɓu ba bambancin ba ƙarami ba ne.

Ba'adare_Galmi:
Albasa ma 35 ta in daga waje anka kawo ta, wannan kam mun gode ma wanda ya rubuta shi

Ɗan_Katako:
Na je wurin taransiter ɗazu ya buɗe min takardar. Lambar 8414.51 ce kamar yadda aka faɗa, wannan na haƙura da shi. Ƙimar kuma miliyan 8 da jika 800 aka sa, ya ce da wata kwantena ta watan jiya aka gwada, amma da na ga hoton waccan fankar inci 18 ce mai batir biyu, tawa inci 16 ce batir ɗaya. Ya ce in kawo takardar bayanin kayan daga kamfani

Tsohon_Ma'aikaci:
To wannan hujja ce mai ƙarfi, ta ma fi takardar bankin. Inci 18 da 16 ba kaya iri ɗaya sak ba ne, in za a gwada da ita dole a yi la'akari da bambancin. Ka sa a buɗe kwali ɗaya a gaban mai bincike ya auna da kansa.

Hajiya_Wadata:
Allah ya sa a dace. Amma ni nawa zanen iri ɗaya ne da wanda aka gwada, yayinsa ne kawai ya wuce, wannan wace takarda za ta nuna shi?

Mai_Deklarasiyo:
Hajiya sai dai mai kaya ya rubuta a faktir ɗin kansa cewa ragowar kaya ne da adadin ragin, tun daga can. In an rubuta bayan kaya sun iso ba kowa zai karɓa ba. Alhaji in kamfanin ya aiko da takardar ka duba lambar samfurin ta yi daidai da wadda ke jikin kwali, in harafi ɗaya ya bambanta za a maido ka.